Bayani ga iyayen ɗaliban aji biyu kan sabuwar takardar kuɗi da abin da doka ta ce

Assalamu alaikum, iyaye maza da iyaye mata na ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare.

Tun ranar da yara suka dawo gida da takardar sabon kuɗin zango maganganu suke yawo a tsakaninmu. Wasu na cewa duk yaron da bai biya ba za a kore shi. Wasu na cewa gwamnati ta fara ɗaure iyayen da suka ƙi biya. Akwai kuma masu cewa shugaban makaranta ne zai shiga gidan yari saboda ya karɓi ko sisin kwabo. Wata uwa ta gaya min ta riga ta ce wa 'yarta ta zauna a gida har sai an samu kuɗin, don kada a kunyata ta a gaban 'yan ajinsu. Maganar wannan baiwar Allah ce ta sa na ga ya wajaba, a matsayina na sakataren iyayen wannan aji, in shimfiɗa bayanin kafin taron ranar Asabar.

Ga abin da takardar ta ƙunsa. A da muna ba da naira 1,000 kowane zango da sunan ƙungiyar iyaye da malamai. Yanzu an mayar da shi naira 2,500, an kuma rarraba shi: naira 1,000 don mai gadi da malaman sa-kai, naira 700 don gyaran bencina, naira 500 don alli da takardun jarrabawa, naira 300 don katin sakamako. Mai yara uku a makarantar zai riƙa fitar da naira 7,500 a zango, wato naira 22,500 a shekara, alhali bara naira 9,000 ya biya. Ga magidancin da ke lissafin mudun masara kullum safiya, wannan ba ƙaramin tsalle ba ne, kuma ban ga laifin wanda hankalinsa ya tashi ba.

Dokar da ta shafi lamarin ita ce Dokar Ilimin Bai-ɗaya, Kyauta kuma Dole, ta shekarar 2004. Shugaba Obasanjo ne ya ƙaddamar da shirin a Sakkwato a 1999, aka mayar da shi doka bayan shekara biyar. Ta shafi firamare shekara shida da ƙaramar sakandare shekara uku a makarantun gwamnati, don haka 'ya'yanmu na ciki. Batun kyauta bai shafi makarantu masu zaman kansu ba, kuma babbar sakandare ba ta cikin wannan dokar ta tarayya.

Bari in fara da jita-jitar da ta fi tsoratar da mutane, wato ɗaure iyaye. Gaskiya ne akwai hukunci a kan iyaye a sashe na 2, amma laifin da aka ambata a can shi ne rashin tura yaro makaranta. Babu inda aka ce rashin biyan kuɗi laifi ne. Hukuncin ma mataki-mataki ne. Idan kotu ta samu uba ko uwa da laifi karo na farko, tsawatarwa kawai za a yi. Karo na biyu tarar naira 2,000 ce ko ɗaurin wata ɗaya, ko a haɗa duka. Daga nan gaba tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu, ko duka biyun. Kuma kotun majistare ko wata kotun jiha mai hurumi ce ke yanke wannan, bayan an gurfanar da mutum an saurare shi. Malamin aji ba shi da wannan iko, shugaban ƙungiyarmu ma ba shi da shi.

To ku duba yadda abin yake juyewa. Uwar da ta tura 'yarta makaranta ba tare da naira 2,500 ba, babu dokar da ta taka. Wadda ta ajiye yarinya a gida saboda tsoron a tambaye ta kuɗi, ita ce ta fara matsawa kusa da abin da sashe na 2 ya hana. Don Allah, Hajiya, ki bar yarinyar nan ta koma aji gobe.

Sashe na 3 shi ne wanda ake ta ja-in-ja a kansa. Ya ce hidimomin da ake yi a firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka ya yi laifi, hukuncinsa tara da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Wasu daga cikinmu sun karanta wannan suka ce shi ke nan, ko biro ba za a sake cewa mu saya ba. Ba haka ba ne, domin dokar da kanta ta lissafa hidimomin da take nufi a sashen fassara: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da tebura, da abincin rana. Kayan makaranta na sawa ba sa cikin wannan jeri. Takalmi, jaka da kuɗin mota duk suna wuyanmu kamar yadda suke tun da.

Idan muka ɗora takardarmu a kan wannan jeri, abu biyu sun fito fili. Benci kujera ne, alli kuma kayan koyarwa ne. Naira 700 ɗin nan da wani ɓangare na naira 500 ana neman su ne don abubuwan da doka ta kira da suna ta ce kyauta ne. Mai gadi da malaman sa-kai ba a ambace su a jerin ba. Katin sakamako ma ba a ambace shi ba, amma ni a ganina riƙe sakamakon yaro saboda naira 300 sayar da karatun ne ta bayan gida, tunda sakamako shi ne shaidar karatun da aka ce kyauta ne.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya taɓa kuɗin benci ya zama mai laifi. Dokar ba ta yi maganar gudummawar ƙungiyar iyaye ba, kuma ba ta hana mutum ya ba makarantar 'ya'yansa kyauta don raɗin kansa ba. Idan mun zauna mun ga yaranmu huɗu-huɗu a kan bencin mutum biyu, sauran suna ƙasa a kan buhu, muka ce za mu haɗa kuɗi mu kira kafinta, wannan sadaka ce da taimakon kai. Abin da ke mayar da gudummawa ta koma kuɗin makaranta shi ne tilas, kuma tilas yana da alamomi da kowa zai iya ganewa. Idan aka tsaya a bakin ƙofa da safe ana tace masu rasit da marasa rasit, tilas ne. Idan aka karanto sunayen waɗanda ba su biya ba a filin taro, aka sa su durƙuso, tilas ne. Haka idan aka hana yaro zana jarrabawa, ko aka riƙe katinsa a ƙarshen zango. Daga wannan lokacin sunan da aka rubuta a saman takarda ba ya amfanar kowa, domin kuɗin ya zama sharaɗin samun karatu, kuma shi ne ainihin abin da sashe na 3 ya hana.

Saboda haka masu cewa za a kori yaro, ku sani babu wanda doka ta ba wannan dama. Masu cewa a kai shugaban makaranta kotu gobe kuma, ku dakata. Takarda ce ta zo tukuna, ba a kori kowa ba, kuma tun kafin a kai ga kotu akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, waɗanda aikinsu ne sa ido kan irin wannan. Jihohi ma suna da nasu dokokin da takardun umarni kan kuɗin ƙungiyar iyaye, shi ya sa muka roƙi makaranta ta zo da takardar amincewar hukuma idan tana da ita.

Na so in tsaya a kan bayani kawai, amma akwai abin da yake ci min rai. Dokar nan ta ɗora hukunci a kan mutum biyu mafiya rauni a cikin lamarin: uba talaka da malamin da ya karɓi kuɗi. Wanda ya kamata ya kawo bencin da allin fa? Sashe na 11 ya ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya don wannan ilimi, da sharaɗin jiha ta zuba rabin kuɗin aikin kafin ta karɓi tallafin. An sha jin hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya tana kokawa cewa kuɗi na kwance saboda wasu jihohi ba su zuba nasu kason ba. Babu tara ko ɗauri da aka rubuta wa jami'in da ya bar makaranta babu alli. Sai a bar shugaban makaranta da aji mai yoyo da yara fiye da kujeru, a ce kada ya nemi komai a wajen iyaye. Na ga malamar lissafin yaranmu tana sayen alli da kuɗin aljihunta a shagon bakin titi, don haka ba zan yarda a zo taro a mayar da malamai abokan gaba ba.

Ita kanta tarar naira 10,000 ta tsufa. Lokacin da aka rubuta ta mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne, wato ta kusa albashin wata biyu. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Ɗaurin wata ukun ne kawai ya rage da sauran nauyi. Wannan na nufin kariyar da yaranmu za su samu ta fi dogara ga abin da muka rubuta muka sa hannu a taro fiye da tsoron tara.

Ga abin da zan gabatar ranar Asabar, duk mai wata shawara ya zo da ita. A rubuta a saman takardar ƙarara cewa gudummawa ce ta ganin dama, kuma babu yaron da za a kora, a daka, a kira sunansa ko a riƙe wa sakamako saboda ita. Ma'ajin ƙungiya ne zai riƙa karɓa daga hannun iyaye kai tsaye yana ba da rasit, a cire malaman aji da yara daga harkar gaba ɗaya. A sassauta wa mai yara da yawa, a yafe wa marayu. Batun bencina da alli kuma mu rubuta takarda da sa hannunmu zuwa ga sakataren ilimi, tare da kwamitin kula da makaranta, mu nemi haƙƙin yaranmu, ko da za mu ci gaba da ɗan taimakawa kafin amsa ta zo. Muna kuma so ma'aji ya karanto mana yadda aka kashe naira 1,000 ɗin bara, domin da wuya a shawo kan mutum ya ƙara bai ga inda na baya ya shiga ba.

Wanda ya riga ya biya ya riƙe rasit ɗinsa ya zo da shi. Wanda aka taɓa maido masa da yaro gida saboda kuɗi ya rubuta ranar da abin ya faru ya ba ni a asirce, ba za a ambaci sunan yaron a taro ba. Za mu fara ƙarfe goma na safe a ajin yaran, kuma iyaye mata a daure a zo, domin bara yawancin waɗanda suka ɗaga hannu aka amince da kuɗi maza ne, alhali ku ne yara ke fara nuna wa takardar.

Allah ya yi wa yaranmu albarka.