Zafin fatar kai idan an taɓa gashi: yaushe kitso ne, yaushe ƙarambau ne ya dawo

Silin gashi ba shi da jijiya, shi ya sa wanzami ke aske shi ba a ji komai ba. Zafin da mutum ke ji idan ya taɓa gashinsa, ko ya taje shi, ko ya ɗora kai a kan matashi, daga fatar kai yake fitowa, domin kowane tushen gashi yana kewaye da 'yan ƙananan jijiyoyi masu kai saƙo ƙwaƙwalwa. Saboda haka idan mutum ya zo asibiti ya ce gashinsa na ciwo, tambayoyi uku muke fara yi masa: ko'ina ne a kan ko gefe ɗaya, yaya zafin yake, kuma me aka yi wa kan a kwanakin nan. Amsar waɗannan ce ke raba abin da zai wuce da kansa da abin da zai iya cin ido.

Mafi yawan masu wannan kuka mata ne da suka fito daga hannun makitsiya. An ja gashin an tamke, musamman ƙananan kitso ko wanda aka yi wa ƙari mai nauyi, sai tushen gashin ya kasance a ɗame dare da rana. Wannan zafin ba ya ɓuya. Yana farawa a ranar da aka yi kitson, yana bin layin tsaga a dama da hagu duka, ya fi tsanani a gaban goshi da ƙeya, wani lokaci kuma 'yan ƙuraje kan fito a bakin gashin. Maganinsa tsifa ne. Kitson da ya hana ki barci ko ya ɗage miki gira ya yi tsauri, kuma ba a jira ya saki da kansa, don maimaita irinsa shekara da shekaru ne ke cinye gashin gaban goshi har ya daina tsirowa. Ɗaurin ɗankwali mai matsewa da hular da ta yi wa mutum kaɗan su ma suna jawo irin wannan. Idan an sassauta, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai zafin ya lafa.

Wanda nake so a tsaya a kansa daban yake. Duk wanda ya taɓa yin ƙarambau, ko da yana jariri ne bai sani ba, ƙwayar cutar ba ta bar jikinsa ba. Takan koma ta kwanta a tushen jijiyoyi, garkuwar jiki na danne ta, har tsawon shekaru hamsin ko fiye. Ranar da garkuwar ta yi rauni, saboda tsufa ko wata doguwar jinya, sai ta farka ta biyo jijiya guda ɗaya zuwa fata. Likitoci na kiran wannan shingils, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku kan gamu da shi a rayuwarsa. An fi ganinsa a haƙarƙari, amma yakan biyo jijiyar da ke kula da goshi da gaban kai da ido, kuma a nan ne hatsarin yake.

A ɗauki misalin tsohuwa mai shekara 65 da ke fama da ciwon suga. Ranar Litinin ta ce gefen kanta na dama na yi mata zugi, ko mayafi ya goge wurin sai ta ji kamar an zuba mata barkono. An duba ba a ga komai ba, fatar lafiya lau. 'Yarta ta tsefe mata kitso, ta shafa mata man zafi, aka ba ta farasitamol. Talata zafin bai ragu ba, ga ɗan zazzaɓi da kasala, aka ce maleriya ce. Ranar Alhamis da safe aka ga goshin ya yi ja ta gefen dama, da yamma kuma sai ga 'yan ƙuraje masu ruwa a cunkushe, daga saman gira sun hau cikin gashi. Fatar idon ta kumbura.

Tun ranar Litinin akwai abin da ya kamata ya ja hankali. Kitso ba ya zaɓar gefe ɗaya ya bar ɗaya, kuma an tsefe shi zafin bai sauka ba. Irin zafin ma daban ne: ƙuna ce da suka kamar ana soka allura, kuma taɓawa mai sauƙi ta fi dannawa da ƙarfi ciwo. Haka jijiyar da ta kamu take yi. Wannan zafin kan riga ƙurajen fitowa da kwana biyu zuwa uku, wani lokaci har mako, kuma a wannan tsakanin ko ma'aikacin lafiya ba zai iya rantsewa ba. Abin da za a yi shi ne a riƙa buɗe gashin ana duba fatar safe da yamma a wuri mai haske. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu ko ya ɗan tasa, don haka kada a jira ganin ja jawur.

Da ƙurajen suka fito, alamar da ba ta kuskure ita ce sun tsaya cak a tsakiyar goshi, ba su tsallaka hagu ba. Kowace jijiya wani yanki na gefe ɗaya na jiki take kula da shi, cutar kuma ba ta wuce iyakar jijiyarta. Ƙurajen zafi da na man gyaran gashi ba su san wannan iyakar ba.

Daga ranar Alhamis ɗin nan lissafi ya fara. Maganin da ke dakatar da ƙwayar cutar, asiklobir, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 daga fitowar ƙurajen. Babban mutum ana ba shi miligiram 800 sau biyar a rana har kwana bakwai, wani lokaci goma. Sau biyar ɗin ana nufin duk bayan awa huɗu ban da tsakar dare, misali ƙarfe 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma da 10 na dare. Mutane kan so su haɗa shi da salloli biyar don kada su manta, amma tazarar Magariba da Isha'i ta yi kaɗan, ta Asuba da Azahar kuma ta yi yawa, gara a sa ƙararrawa a waya. A sha ruwa da yawa tare da shi, domin ta ƙoda yake fita. Tsohuwar da muke magana a kanta tana da suga, don haka sai an duba ƙodarta, idan ta yi rauni a rage adadin. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba za a aika yaro kemis ya sayo ba. Asiklobir na shafawa kuwa ba ya maye gurbin na sha. Idan awa 72 ta wuce amma ƙurajen na kusa da ido, ko sababbi na ci gaba da fitowa, har yanzu ana ba da maganin, kada a ce an makara a zauna a gida.

Sai ido. Ma'aikacin lafiya zai duba karan hancin tsohuwar da gefensa. Idan akwai ko da ƙurji ɗaya a can, to reshen jijiyar da ke shiga cikin ƙwayar ido ya kamu, domin shi ne kuma ke kai wa ƙarshen hanci. Wannan, ko jan ido, ko gudun haske, ko gani dishi-dishi, yana nufin likitan ido ya gan ta a ranar ko washegari. Rashin ƙurji a hanci ba ya wanke idon, duk shingils ɗin goshi ya cancanci a duba ido. Kada a ɗiga mata komai da ba likita ya rubuta ba, ko nono ko ruwan ganye ko maganin ɗigawa na kemis, kuma a ajiye kwalli tukuna.

Su kansu ƙurajen ba su son wahala. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, a bar su su bushe, kada a fasa. Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne a kawo mutum an riga an shafe wurin da toka ko man goge baki ko dakakken ganye, ko an yi masa tsaga, har wurin ya ɗuri ruwa ya fara wari. Ƙurajen kan yi ɓawo cikin kwana bakwai zuwa goma, fatar kuma ta warke cikin mako biyu zuwa huɗu. Kafin su bushe, ruwan cikinsu na iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau. Saboda haka tsohuwar ta dakata da ɗaukar jikanta sabon haihuwa, mai juna biyun da ba ta taɓa yi ba ta nisance ta, kuma a ware mata matashi da mataji da ɗankwali.

Wasu fatar kan warke amma zafin ya ƙi tafiya har ya wuce wata uku, musamman waɗanda suka haura shekara 60. Ba sabuwar cuta ba ce, jijiyar ce ta ji rauni. Farasitamol ba ya yi mata wani abin kirki, akwai magungunan ciwon jijiya da likita ke farawa da kaɗan yana ƙarawa a hankali, don suna sa tsofaffi jiri da barci. Idan kuwa mai shingils ɗin matashi ne ɗan shekara 30 da ba a san shi da wata jinya ba, za a ba shi shawarar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da na suga. Kada ya ɗauke shi zargi, ƙa'idar aikin ce, domin a wannan shekarun garkuwa ba ta cika sakin ƙwayar ba sai da dalili.

Akwai wasu biyu da ke zuwa da zafin fatar kai waɗanda ba a jinkiri da su. Yaron da ke da makero sai wuri ɗaya ya kumbura ya yi laushi yana fitar da mugunya, gashin wurin na zubewa, ga ƙaluluwa a bayan kunne ko a ƙeya, ba maruru ba ne, kada a kai shi a tsaga. Makeron ne ya yi tsanani, kuma maganin sha yake buƙata na mako shida zuwa takwas, na shafawa ba ya isa tushen gashi. Na biyun kuma wanda ya haura shekara 50 ne da sabon ciwon kai ya kama shi a gefen kai tsakanin ido da kunne, wurin na zafi idan ya taje, muƙamuƙinsa na gajiya yana ciwo idan yana tauna, ba ƙuraje ko ɗaya. Wannan na iya zama kumburin jijiyar jini. Ba a cika ganinsa a cikinmu ba, amma yana iya ɗauke gani farat ɗaya, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Idan ganin nasa ya taɓa ɗaukewa ko na minti ɗaya ne ya dawo, ko yana ganin abu bibbiyu, a kai shi babban asibiti a ranar, ko da dare ne.