Kuskuren danganta juyin halitta da buƙata

Danganta juyin halitta da buƙata kuskure ne da ya yaɗu tsakanin ɗaliban ilimin halittu. Shi ne a ce dabba ko tsiro ya sauya ne saboda yana buƙatar sauyin, kamar a ce wuyan raƙumin dawa ya yi tsawo domin ya kai ga ganye, ko sauro ya yi ƙarfi domin ya tsira daga magani. A jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC, wadda ɗaliban Kumasi ke zaunawa kamar sauran takwarorinsu na Gana, irin wannan amsa tana zubar da maki ko da ɗalibi ya ambaci sunan Darwin, domin bayanin da ya kawo ba na Darwin ba ne.

Asalin ra'ayin

Masanin da aka fi jingina wa wannan tunani shi ne Bafaranshe Jean-Baptiste Lamarck. A littafinsa na 1809 ya ce gaɓar da dabba ke yawan amfani da ita tana bunƙasa, wadda ta bari tana ƙanƙancewa, kuma 'ya'ya suna gadon abin da iyaye suka samu a rayuwarsu. Charles Darwin, a littafinsa na 1859, ya ɗora bayaninsa a kan wani tushe dabam: 'ya'yan jinsi guda ba su zama ɗaya, ana haihuwar fiye da waɗanda za su rayu, kuma masu halin da ya dace da muhalli su suka fi barin zuriya. Bajamushe August Weismann ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye zuriya bayan zuriya, amma kowane ɗa da wutsiyarsa ake haifarsa. Mai karatu bai ma buƙatar ɓeraye: an daɗe ana huda kunnen 'yan mata, kaka da kakanni, har yau ba a haifi jaririya da hujin gado ba.

Sauro da maganin feshi

A unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, idan aka fesa magani da magariba aka kwana ana jin kukan sauro, abin da ake cewa shi ne "sauron nan ya saba da magani". Wannan maganar ce ɗalibi kan juya zuwa Turanci ya zuba a takardar amsa. Abin da aka lura da shi gaskiya ne, maganin ya rage aiki. Dalilin da aka bayar ne ba daidai ba.

Sauron anofilis mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro yana mutuwa ne idan maganin ya kama wata ƙofa a jijiyoyinsa ya hana ta rufewa, sai jikinsa ya shanye. Wasu saurayen suna ɗauke da ɗan sauyi a ƙwayar gadon da ke gina wannan ƙofa, wanda masana ke kira kdr, sai maganin ya kasa kama ta sosai. Sauyin yakan auku ne bisa kuskure yayin kwafar ƙwayoyin gado, ko akwai magani ko babu. Sauron da ke da shi tun daga ƙwai ya zo da shi. Wanda ba shi da shi kuma, ko an yi masa feshi kullum ba zai same shi ba.

Ga lissafi na misali, wanda aka sauƙaƙa da ɗaukar cewa kowane ɗa yana gadon halin iyayensa. A ce akwai sauro 1,000 a wani kududdufi, 10 kacal ne masu juriya. Maganin yana kashe tara cikin goma na marasa juriya, da ɗaya cikin goma na masu juriya. Bayan feshin farko za a bar marasa juriya 99 da masu juriya 9, wato masu juriya sun tashi daga kashi 1 cikin ɗari zuwa kusan kashi 8. Waɗannan suka hayayyafa yawan ya koma 1,000, masu juriya sun zama 83. Feshi na biyu ya bar 75 daga cikinsu, da marasa juriya 92, rabonsu ya kai kashi 45. A feshi na uku ya kai kashi 88. Da yake sauro kan tashi daga ƙwai zuwa babba cikin mako biyu ko ƙasa da haka a lokacin zafi, zuriya uku ba ta cika damina guda ba.

A duk wannan lissafi babu sauro ko ɗaya da ya sauya. Abin da ya sauya shi ne rabon masu juriya a cikin taron. Maganin ya yi aikin rariya ne kawai, ya zubar da wasu ya bar wasu. Kuma ba feshin ɗaki kaɗai ke wannan tacewa ba: maganin ƙwari da masu lambun latas da kabeji ke fesawa a fadamun cikin gari yana gangarawa ruwan da tsutsar sauro ke girma.

Yadda aka tabbatar

Ana iya tambaya, ta yaya aka san juriyar ta riga maganin zuwa? A 1952 Joshua Lederberg da matarsa Esther sun yi gwajin da ya amsa wannan. Sun shuka bakteriya a faranti mara komai na kisa, ta fito tsibi-tsibi. Sai suka danna ƙyallen karan-miski a kai, suka buga shi a wasu farantai masu ɗauke da abin da ke kashe bakteriyar. 'Yan tsibin da suka rayu sun fito a wuri guda a kowane faranti. Wannan ya nuna cewa masu juriyar suna zaune a wannan wurin tun a farantin asali, inda ba su taɓa haɗuwa da abin kisan ba.

Akwai kuma hujjar da ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Da buƙata tana haifar da sauyi, da babu jinsin da zai ƙare a duniya, alhali mafi yawan jinsunan da suka taɓa rayuwa sun shuɗe.

A takardar amsa

Bayanin Darwin, wanda ake kira zaɓin yanayi, jerin dalilai ne, kowane yana jan na gaba, kuma a kansu ake samun maki. Ɗalibin da ya rubuta "sauro ya samar da juriya domin ya rayu" ya haɗiye jerin duka cikin jimla guda mara tushe. Amsa mai kyau za ta fara da cewa akwai bambanci a cikin taron sauro tun kafin feshi, sakamakon sauyin ƙwayar gado da ya zo bisa katari. Sai ta ce maganin ya kashe marasa juriya, masu juriya suka rayu suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji ƙwayar, rabonta ya ƙaru daga zuriya zuwa zuriya. Hanyar da ɗalibi zai gane ya kauce ita ce ya duba wanda ke aikata aikin a jimlarsa. In dabba guda ce ke "ƙoƙari", "koyo" ko "sabawa", Lamarck ne ya shigo.

Abu biyu sukan rikita ɗalibai. Na farko, jiki yana sabawa da gaske: hannun mai dakon kaya a kasuwar Kejetia yakan yi kanta. Amma wannan sauyi ne na mutum guda a rayuwarsa, bai taɓa ƙwayoyin haihuwarsa ba, ɗansa kuma da taushin hannu zai zo. Na biyu, wani lokaci tambayar kanta ce ke neman a bayyana ra'ayin Lamarck ko a kwatanta shi da na Darwin. A nan dole a kawo batun amfani da gaɓa da gadon abin da aka samu, sai dai a jingina shi ga mai shi, a kuma faɗi dalilin da ya sa aka ƙi shi idan tambayar ta nema.