Zaɓen manhajar kula da sito ga dillalin da ya wuce matakin Excel

Manhajar kula da sito, wadda masu sayar da ita ke kira WMS, tsari ne na kwamfuta da ke bin sawun kaya tun daga sauke su a ƙofar sito har zuwa loda su a mota. Abin da ya raba ta da manhajar lissafin kuɗi irin su Tally da QuickBooks shi ne, waɗancan sun fi mayar da hankali ga yawan kaya da darajarsu, ita kuwa tana rubuta layi da kantar da kowane katan yake, da rukunin da ya zo a ciki, da ranar da zai lalace.

Yawan layuka ba shi ne ke raba dillali da Excel ba, domin shafi ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576. Matsalar ita ce ana gyara adadi a kan adadi, wanda ya gabata ya ɓace. Dillalin da ke sauke kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana zuwa sitonsa a unguwar Asawase da ke Kumasi, yana da shago a kasuwar Kejetia da motoci masu kai kaya ƙauyuka, zai wayi gari da kwafi uku na fayil ɗaya, kowanne da nasa adadin. Alamar da aka fi gani ita ce akawu ya karɓi kuɗin kayan da mai sito ya riga ya loda wa wani.

Hanya mafi inganci ta zaɓe ita ce a gwada manhajar da kayan dillalin kansa, domin nunin da kamfani ya shirya ba ya tuntuɓe. A ɗauki misalin madarar gwangwani mai guda 24 a katan, wadda akwai rukuni biyu nata a sito: katan 120 masu lalacewa a watan Maris, da katan 300 masu kaiwa Nuwamba. Sai wata mai shago a unguwar Aboabo ta nemi katan 150 da gwangwani 10. Manhajar da ta dace za ta tura mai ɗauko kaya ya kwashe na Maris duka, ya ƙara katan 30 daga na Nuwamba, sannan ya fasa katan ɗaya, ta kuma nuna saura katan 269 da gwangwani 14. Wannan ƙa'ida ta fara fitar da abin da zai riga lalacewa ita ce ake gani a allo da sunan FEFO, kuma ta bambanta da FIFO mai bin ranar shigowa, domin kayan da suka iso daga baya kan zo da ranar lalacewa mafi kusa. Idan allo ya nuna 269.58, to manhajar tana raba lamba ne kawai, kuma mai ƙirga kaya ba zai iya daidaita wannan da abin da ke kan kanta ba. Daga nan sai a ce matar ta dawo da katan biyar da suka lotse, a duba ko manhajar za ta keɓe su a wurin da ba a sayarwa daga ciki, ko kuwa za ta mayar da su cikin kayan sayarwa.

Gwaji na biyu shi ne a katse intanet ana tsakiyar lodi, tun da ɗaukewar wuta, wadda ake kira dumso a Ghana, ba baƙon abu ba ne. Ana so na'urar karanta lambar kaya ta riƙe aikin har layi ya dawo, a kuma ga yadda manhajar za ta warware idan mutum biyu sun ɗauki katan ɗaya a wannan tsakanin.

Wajen kuɗi, yawancin manhajojin da ke kan intanet ana biyan su ne wata-wata bisa yawan masu amfani, sau da yawa da dala, alhali cinikin da sidi ake yi. Manhajoji irin su Odoo da ERPNext suna da nau'in da ake ɗauka kyauta, amma saitawa da horar da ma'aikata da gyara duk sai an biya wani gwani. Ya kamata a tabbatar tun kafin sa hannu cewa manhajar tana tura bayanai ga ta lissafi, wadda ke fitar da rasitin haraji da hukumar haraji ta Ghana, GRA, ta amince da shi, kuma dillali zai iya kwashe bayanansa a fayil ɗin CSV, wanda Excel ke iya buɗewa, ranar da ya so barin ta.

Ƙaura daga Excel ita ce inda aka fi yin asara. A tsohon fayil kaya ɗaya kan fito da suna uku gwargwadon wanda ya rubuta, don haka sai an ba kowane kaya lamba guda, an rubuta yawan abin da ke cikin katan ɗinsa, an kuma manna wa kowace kanta lamba. Sannan a rufe sito a ranar da kasuwa ta lafa, a ƙirga komai da hannu tare da rukuni da ranar lalacewa, a shigar da wannan ƙidayar a matsayin adadin farko maimakon abin da tsohon fayil ya nuna.