Jera kayan gyaran janareto da injinan shago bisa tsananin tsayawar aiki

Jera kayan gyara bisa tsananin tsayawar aiki hanya ce ta tsara sito, inda ake ba kowane abu matsayi gwargwadon ɓarnar da rashinsa zai jawo ranar da ya lalace. Ta bambanta da tsarin ABC, wanda ke kallon kuɗin da kowane kaya ke ci a shekara. A nan tsada ba ta sa abu ya hau sama. Fanbel mai araha yana iya riga injin walda guda shiga sahun farko.

Matakai uku ake amfani da su. Na farko shi ne kayan da aiki ke tsayawa cak idan babu su. Na biyu kayan da aiki zai ci gaba amma da tangarɗa, ko na ɗan lokaci. Na uku kuwa waɗanda za a iya jira sai an samo, kamar murfin ƙura ko fitilar allo.

A shagon da janareton dizal guda ɗaya ke ba duk injina wuta, kusan duk abin da zai kashe janareton matakin farko ne, domin shi ke riƙe da sauran. Idan fanbel ya tsinke a injin da bel ɗin ke juya fanka da famfon ruwa, zafi zai hau cikin mintuna kaɗan, na'urar kariya ta kashe shi. Filtar mai idan ta toshe, injin yakan yi ta sama da ƙasa da zarar an ɗora masa lodi, daga baya ya mutu. Sai na'urar daidaita ƙarfin wuta, wadda littafin injin ke rubutawa AVR. Ita tata matsalar da ruɗi take zuwa: injin na juyawa lafiya lau, amma wutar ta yi ƙasa, ko ta yi yawa, ko ta ɓace gaba ɗaya. Ba ta cika lalacewa ba, shi ya sa ake mantawa da ita, kuma ba kowace ce ke dacewa da kowane janareto ba.

Injinan shagon kuwa, matsayin kayansu ya dogara ne da ko injin yana da madadi. Idan injinan walda biyu ne, kayansu sun sauka mataki na biyu. Idan kwampreso ɗaya ne kuma da shi ake fenti da ɗaure kusoshi, bel ɗinsa da makunninsa mai auna ƙarfin iska sun hau na farko. Haka abu iri ɗaya, misali boris mai lamba 6205, zai iya zama matakin farko a wannan injin, na uku a wancan.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne tsawon jira kafin kaya su iso. Abin da ake samu cikin awa guda ba sai an tara shi ba, ko da rashinsa na tsayar da aiki. Wanda sai an yi oda an jira makonni, shi ya fi cancanta a ajiye a sito.

Ga misalin lissafin. A ce janareto na aiki awa 10 a rana, kwana 6 a mako, wato awa 60. A ce littafinsa ya nemi a canza filtar baƙin mai duk awa 250, kusan duk mako huɗu ke nan. Idan oda na ɗaukar mako 6, injin zai yi awa 360 kafin kaya su zo, kuma canji biyu na iya faɗowa a ciki. A ƙara guda ɗaya ta ko-ta-kwana, sun zama 3. To duk ranar da filta ta rage 3 a sito, ranar ake yin sabuwar oda. Wannan lissafin na kayan da ke ƙarewa a kai a kai ne. Irin su AVR da kik mai tayar da inji ba su da lokacin mutuwa, don haka guda ɗaya ake ajiyewa, a maye gurbinta da zarar an ɗauka.

Ajiyar ma tana da iyaka. Bel da tiyon lagireto roba ne, zafi da hasken rana na tsofar da su tun suna rataye, a ga sun bushe sun fara tsagewa. Batir yana zubar da cajinsa a zaune, kuma idan ya daɗe a haka ba ya komawa daidai, sai dai a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci. Boris da aka cire daga ledarsa yakan yi tsatsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen kaya da ido, wai don sun yi kama. Filtoci biyu na iya zama tsayi ɗaya amma zaren bakinsu daban. Shi ya sa katin kowane kaya ke ɗauke da lambarsa, da samfurin injin da lambar siriyal kamar yadda suke a farantin jikinsa. Kuma duk lokacin da aka ƙaro inji ko aka sayar da wani, sai an sake duba jerin, domin kayan da ke da madadi jiya suna iya rasa shi yau.