Mene ne binciken raba-biyu, kuma me ya sa yake ɓata a jerin da ba a tsara ba?

Mai neman kalmar "tukunya" a ƙamus ba ya farawa daga shafin farko. Tsakiya yake buɗewa, in ya ga harafin M, ya san abin da yake nema na gaba, sai ya bar duk shafukan baya. Wannan dabarar ce masu rubuta manhaja ke kira bainari sac, wato binciken raba-biyu.

Ga lambobi bakwai a jere daga ƙarama zuwa babba:

```
[3, 8, 15, 21, 34, 50, 72]
```

A ce 50 muke nema. Ta tsakiya 21 ce, 50 kuwa ta fi ta, don haka a watsar da ita da ukun da ke hagunta. Saura 34, 50, 72, kuma ta tsakiyarsu ita ce 50. Dubawa biyu, an gama. Da yake kowace dubawa tana zubar da rabi, ko lambobi miliyan ɗaya ne, dubawa 20 ta isa.

Amma me ya ba mu damar watsar da hagu ba tare da mun leƙa ba? Tabbacin cewa babu wadda ta fi 21 a can. Tsarin jerin ne kaɗai ya ba mu wannan tabbaci. Bari mu hargitsa lambobin nan:

```
[34, 72, 8, 21, 50, 3, 15]
```

Nemi 34. Ta tsakiya 21 ce, sai a nufi dama. A 50, 3, 15 an tarar da 3, a ƙara yin dama. Saura 15, ba ita ba ce. Amsa: babu 34. Ga ta kuwa zaune a farkon layi, tun dubawar farko aka yar da ita. A jerin nan 21 kaɗai za a iya samu.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajar ba ta tsayawa, ba ta kuma nuna kuskure. `bisect_left`, wanda ke yin wannan bincike a yaren manhaja na Python, ba ya duba ko jerin a tsare yake, domin duba hakan na nufin bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, aikin da ake gudu tun farko. In jerin ya kusa tsaruwa ma, yawancin amsoshi za su fito daidai, sai jefi-jefi wata ta ɓace.

Akwai kuma tarkon da ke kama ɗalibai. Lambobin da aka tsara a matsayin rubutu, "10" na zuwa kafin "9", saboda harafin farko ake kwatantawa. In aka mayar da su lambobi aka yi bincike, tsarin ya riga ya karye. Duk wanda ya ga abu da idonsa a jeri, bincike ya ce babu, ya fara gwada wannan, inda `a` shi ne jerin:

```
all(a[i] <= a[i+1] for i in range(len(a)-1))
```

In ya ba da `False`, a kira `a.sort()` tukuna, sannan a sake nema.