Fawa bank uku da muke sayarwa: wanne zai yi maka, kuma ina raunin kowanne?

"Malam, na sayi fawa bank mai 10,000mAh a wajenku, batirin wayata 5,000 ne. Ai sau biyu ya kamata ya cika ta, amma sau ɗaya da ɗan ƙari yake yi. Ko jabu kuka ba ni?"

Ba jabu ba ne, Hajiya, amma kina da gaskiyar yin ƙorafi, domin ya kamata mu yi miki wannan bayani tun kafin ki biya kuɗi. Lambar 10,000mAh da ke jikin kwali awon batirin da ke can ciki ne, wanda ke aiki a kan bolt 3.7. Waya kuwa bolt 5 take karɓa ta igiyar caji, don haka sai an ɗaga ƙarfin wutar kafin ta fito. Idan kika ninka 10,000 da 3.7 kika raba da 5, za ki samu 7,400. Daga cikin wannan ma wani kaso yana tafiya a zafi, ɗumin nan da kike ji idan kin taɓa shi yana tsakar aiki. Abin da ke isa bakin igiya bai wuce 6,000 zuwa 6,500 ba. Ita ma wayar tana zubar da nata kason yayin da take tura wutar cikin batirinta. Ƙarshen lissafi, waya mai 5,000 za ta cika sau ɗaya, sannan a samu abin da bai kai rabi ba a karo na biyu. Idan kina kallon bidiyo tana kan caji, ko hakan ba za ki gani ba.

Ki juya bayansa ki duba ƙananan rubutun nan. Masu ƙira na kirki suna rubuta Rated capacity, kuma lambar da ke gabansa ita ce abin da zai ba ki da gaske. Wanda kika ga ba shi da wannan rubutu, ko ɗan tsigil ne mara nauyi amma an buga masa 50,000, ki ajiye shi, ko a shagonmu kika gan shi.

"To tsakanin ƙaramin da babban, wanne zan ɗauka?"

Ƙaramin, mai 10,000, nauyinsa ɗan fiye da na waya ne, yana shiga aljihun kaftani ba ya jan rigar. Ya dace da wanda ke wuni a kasuwa ko makaranta ya dawo gida da dare ya samu wuta. Rauninsa biyu ne. Bakin da ake caja shi da shi tsohon yayi ne, micro-USB, alhali yawancin wayoyin yanzu USB-C ne, ke nan igiya biyu za ka riƙa yawo da su. Kuma ba ya caji mai sauri: wat 10 yake bayarwa, don haka wayar da cajarta ke cika ta cikin awa ɗaya da rabi za ta iya kaiwa awa biyu da rabi ko uku a jikinsa.

Babban, mai 20,000, zai cika wannan wayar sau biyu da wani abu, yana dab da uku amma ba ya kaiwa. Yana da USB-C, yana kuma bayar da wat 18 ga wayar da ke karɓar caji mai sauri. Sai dai dutse ne, ya haura giram 400, wurin zamansa jaka. Babbar matsalarsa kuwa, wadda masu saye ba sa tunawa da ita sai sun kai shi gida, ita ce lokacin da yake ci kafin shi kansa ya cika. Da kan caja mai wat 18 yana ɗaukar awa biyar zuwa shida. Da kan caja na gama-gari mai wat 10 sai ya kai awa tara ko goma, kuma ba a haɗo shi da kan caja a kwali ba, guntuwar igiya kaɗai ce. Idan a unguwarku awa biyar ake barin wuta, babban ba zai taɓa cika da ƙaramar caja ba, kullum a rabi za ka cire shi, ka biya kuɗin mai 20,000 kana cin moriyar mai 10,000. Mai irin wannan hali ko ya haɗa da caja mai ƙarfi, ko ya haƙura ya ɗauki ƙaramin.

"Ni mai sola nake so, tunda rana ba ta yanke mana."

A nan ne nake yawan hana mutane sayen kayanmu, kuma ba na nadama. Batirinsa 20,000 ne kamar na babban, yana da fitila mai haske sosai, jikinsa kuma roba ce mai jure faɗuwa. Wannan duk gaskiya ne. Amma allon solar da ke bayansa bai fi tafin hannu ba, abin da yake samarwa a rana tsaka bai wuce wat ɗaya da ɗan kai ba. Batirin yana ɗaukar 74Wh, wato wat ɗaya sai ya yi awa 74 yana zuba kafin ya cika shi. Ko da ka samu awa shida na rana mai ƙarfi kowace rana, kana maganar kusan mako biyu ne. 'Yar koriyar fitilar da ke kamawa idan ka fito da shi waje tana yaudarar mutane: haske kawai ta gani, ba ta nuna yawan wutar da ke shiga.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Batirin litiyam ba ya son a caja shi a zafin da ya wuce digiri 45. A watan Afrilu, lokacin da inuwa ma takan kai 40 a Kano ko Sakkwato, baƙar robar da aka shanya a kan kwanon ɗaki ta wuce wannan nesa ba kusa ba. Mai shanya shi kullum yana gasa batirinsa ne da hannunsa. Wanda ke ƙauyen da babu wuta sam, ya sayi allon sola mai zaman kansa, na wat 20 ko fiye, mai bakin USB da doguwar igiya, ya sa allon a rana, fawa bank ɗin a inuwa. Ba mu da irin wannan allo a yanzu, a nema a wajen masu kayan sola.

"Shekara nawa zai yi mini?"

Irin wannan batir yakan yi cika da ƙarewa sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili. Mai amfani da shi kullum ya sa ran shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, daga nan zai ga abin da ke cika waya sau biyu ya fara gazawa. Wannan tsufa ne, ba haɗari ba. Haɗarin shi ne kumburi. Ka ɗora shi a kan tebur, idan yana lilo maimakon ya kwanta daram, ko ka ga bakin robar ya fara buɗewa, ko yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ka daina caja shi nan take. Kada a huda shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Kuma don Allah a daina kwana da shi ƙarƙashin matashi yana caji.

"Zan tafi Umara, za a bar ni in shiga jirgi da shi?"

Za a bari, Alhaji, amma a jakar hannu, ba a cikin akwatin da ake aunawa a tura ƙasan jirgi ba. Iyakar da aka saba da ita 100Wh ce, ƙaramin 37Wh ne, sauran biyun 74Wh, duk suna ƙasa da ita. Wasu kamfanonin jirage sun hana amfani da shi yayin tafiya, don haka ka tambayi naka kafin ranar tashi. Rubutun da ke bayan ƙaramin namu yana gogewa da wuri, kuma jami'an bincike suna iya karɓe wanda ba a iya karanta ƙarfinsa. Ka manna masa farin salatif mai nuna ciki a kan rubutun tun yana sabo.