Wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara fitarwa

A ƙa'idojin rarraba magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya da na Tarayyar Turai akwai sharaɗin da ake kira FEFO, kuma masu rarraba kayan abinci ma da shi suke aiki. Abin da yake cewa shi ne, kayan da wa'adinsu zai riga ƙarewa su za a fara fitarwa daga sito, ko da kuwa jiya suka iso. Da yawa suna ɗauka cewa fitar da wanda ya riga shigowa ya wadatar, kuma a nan asara take ɓuya.

A ce ranar 1 ga Maris akwai katan 500 na wani magani a sito, wa'adinsu ƙarshen Disamba. Sai ga katan 400 sun iso, amma nasu wa'adin ƙarshen Agusta ne. Ana fitar da katan 100 a wata. Idan aka bi tsarin shigowa, tsofaffin za su kai ƙarshen Yuli, sababbin kuma wata ɗaya kacal zai rage musu, katan 300 su lalace a hannu. Idan aka bi wa'adi, sababbin su ƙare a Yuni, tsofaffin a Nuwamba, babu ko ɗaya da aka zubar.

Wannan ba ya yiwuwa sai an rubuta lambar rukuni da ranar ƙarewa tun a bakin ƙofa, lokacin karɓar kaya. Lambar rukuni ta duk abin da aka haɗa a aiki ɗaya ce, lambar siriyal kuwa ta kwali ɗaya tak. A tambarin jikin kaya da ake karantawa da na'ura, bisa tsarin lambobi na duniya da ake kira GS1, `(10)` na nuna rukuni, `(21)` siriyal, `(17)` kuma wa'adi, don haka `(17)260831` na nufin 31 ga Agusta, 2026. Ranar da aka ce a janye wani rukuni, wannan rubutun ne zai nuna wa aka ba da katan nawa. A ganina, sito da yake zuba rukuni biyu a kanta ɗaya ba tare da rarrabewa ba ya riga ya karya ƙa'idar, komai kyan littafinsa, domin mai ɗauka na kusa da hannunsa zai jawo. Alamar hakan ita ce jimillar kaya ta yi daidai a ƙidaya, amma adadin kowane rukuni ya saɓa.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Idan mai saye ba ya karɓar kayan da ya rage musu ƙasa da wata biyu, katan 100 da za a fitar a Nuwamba ba za su karɓu ba. Saboda haka ranar da ake sa wa ido ita ce ta ƙarshe da kaya za su iya fita, wato ƙarshen Oktoba, kuma tun a Maris ya kamata a nema musu wani mai saye.